Dongul ko Bluetooth: Abin da Ke Faruwa Tsakanin Harbi da Jin Ƙararsa

Masu buga PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile da iyafis na Bluetooth sun san wata matsala da ke zuwa ba sallama. Wasa na tafiya daidai, ƙarar bindiga na fita tas, ana jin takun abokin gaba ta dama ko ta hagu. Da zarar ɗan wasa ya danna alamar makirufo domin ya faɗa wa abokansa inda abokin gaba ya ɓuya, sai sautin ya dusashe, ya dunƙule a tsakiyar kai, takun da ake bi ya ɓace. Wasu kan ɗora laifin a kan sabis, wasu su ce an sayar musu da jabun kaya. Sau da yawa babu ko ɗaya daga ciki. Haka aka gina Bluetooth tun asali, kuma wannan ne ya sa kamfanonin da ke ƙera hedfon na gem suke haɗa shi da wani ɗan abu mai kama da filasha, wanda ake kira dongul.

Dongul da Bluetooth duk rediyo ne, kuma a zango ɗaya suke aiki, wato gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake da rabonsa. Bambancinsu yana cikin yaren da kowanne yake magana da shi. Bluetooth yare ne na kowa da kowa: wayar wannan kamfani za ta haɗu da lasifikar wancan, ta haɗu da rediyon mota, ta haɗu da agogon hannu. Dongul kuwa da hedfon ɗinsa kaɗai yake magana, da yaren da kamfaninsu ya tsara domin aiki ɗaya, wato kai sauti cikin gaggawa a dawo da murya. Ga kwamfuta ko na'urar gem, dongul katin sauti ne da aka soka a USB, ba ruwanta da cewa akwai rediyo a cikinsa.

Jinkirin da ido ke kamawa

Abu na farko da ya raba su shi ne jinkiri, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kafin Bluetooth ya aika sauti, sai ya matse shi da wani tsari da ake kira kodek, irin su SBC ko AAC, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, sannan hedfon ya tara 'yan gunduwoyi a ajiye kafin ya fara sakinsu cikin kunne. Wannan ajiya tana da amfani, domin idan gunduwa ɗaya ta ɓata a iska akwai lokacin sake aiko ta ba tare da waƙa ta katse ba. Amma lokaci take ci. A hedfon na Bluetooth na yau da kullum jinkirin yakan kai tsakanin milisakan 150 zuwa 300, alhali dongul mai kyau yakan tsaya a wajen 20 zuwa 40.

Lissafin yana fitowa fili idan aka kwatanta shi da hoton allo. Gem mai fitar da hoto 60 a sakan ɗaya yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7. Ke nan jinkirin milisakan 200 daidai yake da hoto 12: an harba bindiga, wutar bakinta ta haska ta mutu, sannan ƙarar ta iso. Wanda ya taɓa hango masu daka daga nesa ya ga irin wannan, taɓarya ta sauka a turmi, an fara ɗaga ta, sannan sautin ya ƙaraso. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka milisakan 200 tamkar tsayawa ne mita 68 daga turmin, shi kuwa jinkirin dongul na milisakan 30 kusan mita 10 ne kawai, tazarar da kunne ba ya damuwa da ita.

Mai kallon fim ba ya ganin wannan matsala, kuma akwai dalili. Manhajojin bidiyo irin su YouTube da tsarin wayar kansa sukan jinkirta hoton kaɗan domin ya jira sautin, sai leɓe da magana su daidaita. Gem ba shi da wannan dama, domin sai ɗan wasa ya danna sannan sautin ya wanzu, kuma ba wanda zai yarda a jinkirta masa hoto. Shi ya sa iyafis da ya yi kyau a kallon fim a shagon mai sayarwa yake iya ba mutum kunya a fagen wasa.

Yana da kyau a raba wannan jinkiri da wanda ake gani a kusurwar allo da sunan ping. Ping tazara ce tsakanin waya da sabar gem, kuma sabis ne ke juya ta. Jinkirin sauti kuwa tsakanin waya da kunne yake, ko da babu intanet yana nan. Mai son tantancewa sai ya shiga filin atisaye na gem ɗin, ya harba harsashi ɗaya-ɗaya da lasifikar waya, sannan ya maimaita da iyafis. Idan tazara ta bayyana a karo na biyu kaɗai, sabis ba shi da laifi.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin rage tazarar. Akwai aptX Low Latency na Qualcomm mai jinkirin kusan milisakan 40, sai dai dole waya da hedfon su zama duk suna da shi, kuma wayoyi kaɗan ne suka ɗauke shi. Iyafis da yawa a kasuwa suna zuwa da abin da aka rubuta wa Game Mode a kwali, wanda ke rage waccan ajiyar sauti. Yana taimakawa, amma adadin da ke jikin kwalin yakan nuna ɓangaren iyafis ne kawai, ba a haɗa da lokacin da wayar ta ci ba, kuma da ajiyar ta ragu sautin ya fi saurin katsewa a wuri mai cunkoson na'urori.

Dalilin dusashewar sauti idan an kunna makirufo

Matsala ta biyu ta fi ta farko ciwo ga masu wasa a ƙungiya. Bluetooth na gargajiya yana da hanyoyi biyu na ɗaukar sauti. Ta farko, A2DP, ta kiɗa ce: sitiriyo, kunnen dama daban, na hagu daban, sauti cikakke, amma hanya ɗaya take bi, daga waya zuwa kunne, babu makirufo. Ta biyu, HFP, ta kiran waya ce: magana na zuwa, magana na tafiya, amma sauti ɗaya ake zuba wa kunnuwa biyu, kuma an yanke samansa. A tsohon tsarinta ba ta ɗaukar abin da ya wuce kusan haz 4,000, a ingantaccen kuma kusan 8,000, alhali kunnen matashi yana ji har wajen 20,000.

Hedfon ba ya gudanar da hanyoyin biyu a lokaci ɗaya. Da manhaja ta nemi makirufonsa, sai ya bar A2DP ya koma HFP, kuma sautin gem ɗin gaba ɗaya ya bi ta wannan ƙuntatacciyar hanya. Ga mai wasan ƙwallo irin eFootball, asarar ba ta wuce daɗin ihun 'yan kallo ba. Ga mai wasan harbi kuwa babba ce, domin ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta bambancin ƙarfi da lokaci tsakanin kunnuwa biyu. Idan aka ba su abu ɗaya, ɗan wasa zai ji taku amma ba zai san ta ina mai takun yake tahowa ba.

A Windows 10 ana ganin wannan rabuwa da ido, domin hedfon ɗaya yakan fito sau biyu a jerin na'urorin sauti, ɗaya da Stereo a ƙarshen sunansa, ɗaya da Hands-Free AG Audio. Windows 11 ya haɗe su a suna ɗaya yana sauyawa da kansa, amma sauyin yana nan. Maganin da ya fi sauƙi ga wanda ba shi da dongul shi ne ya bar hedfon ya yi aikin ji kawai, ya zaɓi makirufon laftof ko wani na USB a cikin manhajar hira. Tunda babu mai neman makirufon hedfon, sai ya zauna a sitiriyo.

Dongul ba shi da wannan takura, domin an tsara shi ya ɗauki sitiriyo zuwa kunne da murya daga baki a lokaci guda.

Yadda na'urorin gem suka ɗauki lamarin

Masu ƙera na'urorin gem sun nuna matsayinsu a aikace. PlayStation 5 ba ta karɓar hedfon na Bluetooth kai tsaye, kuma hedfon ɗin Sony na Pulse 3D, wanda ya fito tare da ita a 2020, da dongul na USB yake aiki. Xbox ma ba ta karɓa, tana da nata tsarin mai suna Xbox Wireless, kuma dongul ɗin da ba a yi shi da lasisin Xbox ba ba zai yi aiki a kanta ba. Shi ya sa ake ganin hedfon ɗaya da nau'i biyu, kamar Arctis 7P na PlayStation da Arctis 7X na Xbox daga kamfanin SteelSeries, wanda dongul ɗinsa yake da ɗan maɓallin zaɓi tsakanin Xbox da USB. Mai gidan gem da ke da na'urorin biyu zai fi cin riba da nau'in Xbox, domin shi yana aiki a PlayStation, na PlayStation kuwa ba ya aiki a Xbox.

Nintendo Switch ta fito a 2017 ba tare da sautin Bluetooth ba, sai a watan Satumba na 2021 aka ƙara mata shi, kuma da sharuɗɗa: makirufo ba ya aiki, sannan ba a haɗa fiye da abin bugawa mara waya guda biyu muddin hedfon na kunne. Waɗannan sharuɗɗa sun nuna ƙarancin filin da rediyon Bluetooth yake da shi idan aka ɗora masa ayyuka da yawa.

Daidaita hira da sautin gem

Samun sauti mai tsabta rabin aiki ne. Saura yadda muryar abokai da ƙarar gem za su zauna a kunne ɗaya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. A nan akwai ƙa'ida guda da ke bayyana kusan kowace matsala: ba a iya daidaita sautuka biyu sai idan a rabe suka iso wurin da ake daidaitawar. Idan an riga an cakuɗa su tun a cikin gem, babu maɓallin hedfon da zai raba su.

Hedfon irin Arctis 7 yana da 'yar taya a jikin kunne da ake kira ChatMix. Sirrinta yana cikin dongul, wanda ke nuna kansa ga kwamfuta a matsayin katin sauti biyu, Arctis 7 Game da Arctis 7 Chat. Idan tayar na tsakiya, duka biyun suna kan cikakken ƙarfinsu. Idan aka murza ta wajen gem, hira ce ke raguwa, gem bai ƙaru ba. Idan aka murza wajen hira, gem ne ke sauka. Xbox Wireless Headset na Microsoft, wanda ya fito a 2021, ya mayar da murfin kunnen hagu gaba ɗaya ya zama irin wannan majuyi, na dama kuma na ƙarfin sauti.

A ɗauki misalin matashin da ke buga Counter-Strike 2 a laftof, yana hira da abokansa huɗu ta Discord. Ya soka dongul, ya murza taya, sai ya ga ko dai komai ya yi shiru tare, ko babu abin da ya sauya. Wannan alama ce cewa gem da hira suna fita ta kati ɗaya. Gyaran yana farawa da danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
mmsys.cpl
```

A shafin Playback zai danna Arctis 7 Game da maɓallin dama na linzami ya zaɓi Set as Default Device, sannan ya danna Arctis 7 Chat ya zaɓi Set as Default Communication Device. Daga nan ya buɗe Discord, ya shiga Voice & Video, ya sa Output Device a kan Arctis 7 Chat. Gwajin ba shi da wuya: ya sa aboki ya yi ta magana, ya murza taya har ƙarshe wajen gem, muryar ta ɓace ƙarar wasa ta tsaya, ya murza ɗaya gefen akasin haka ya faru. Idan kuma ya ji sautin gem ya yi siriri ba nauyi, to ya juya katunan ne, gem yana fita ta Chat.

Akwai sauran tarko biyu. Idan ƙarar gem tana faɗuwa da kanta da zarar an shiga kira, Windows ne ke yi, domin a shafin Communications na wannan taga zaɓin da ya zo da shi shi ne rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100. Sai a mayar da shi Do nothing. Idan kuwa faɗuwar tana zuwa ne duk lokacin da wani ya buɗe baki, ta dawo idan ya yi shiru, to Attenuation ne a cikin Discord, sai a ja shi zuwa sifili. Wannan ragewa ta atomatik tana da daɗi a wasan da ba na gasa ba, amma a wasan harbi tana haɗiye takun abokin gaba daidai lokacin da aboki yake gargaɗi a kansa.

Bayan haka sai daidaita mutane ɗaya-ɗaya. A kowace ƙungiya akwai mai makirufo mai ƙara da wanda da kyar ake jinsa, kuma tayar hedfon ba ta bambanta su. Discord yana ba da damar danna sunan mutum da maɓallin dama a ja User Volume, har zuwa kashi 200. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara daidaita muryoyin su zo kusa da juna, a bar taya a tsakiya, sannan idan fashewar gurneti tana danne magana a rage gem ɗin, kada a ƙara hira. Wanda ke ƙara wannan ya ƙara wancan yakan ƙare da komai a ƙololuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro mai aminci ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, iyakar da ke raguwa da sauri idan ƙarar ta haura.

A na'urorin gem, tsarin na'urar ne ke yin rabon. PlayStation 5 tana da Audio Balance a katin hirar murya, Xbox kuma tana da Headset chat mixer a sashen sauti. Dukansu suna aiki a kan hirar da na'urar ke riƙe da ita, har da Discord, wanda ya shiga Xbox a 2022 da PlayStation 5 a 2023. Hirar cikin gem kuwa a wasanni da yawa tana fitowa ne a cakuɗe da sauran sautin wasan, don haka sai an shiga saitin sauti na gem ɗin a daidaita ta can. Haka abin yake a waya, inda babu kati biyu: a PUBG Mobile da Call of Duty Mobile akwai ma'aunin murya daban da na ƙarar wasa da na kiɗa, kuma kashe kiɗan kaɗai yakan buɗe wa magana fili.

Wani saiti da ake mantawa da shi shi ne wanda ke dawo wa mutum da muryarsa cikin kunne, Sidetone a manhajojin hedfon, Mic monitoring a Xbox. Hedfon mai rufe kunne yana hana mutum jin kansa, sai ya riƙa ɗaga murya bai sani ba, ya cika kunnuwan abokai, ya tashi mutanen gida da tsakar dare. Ɗan kaɗan daga wannan saiti ya isa ya gyara hakan.

Inda dongul ke da rauni

Dongul ma yana da nasa farashi. Ƙarami ne, yana ɓata, kuma ba kowane kamfani ke sayar da madadinsa ba, na wani hedfon kuma ba zai yi ba. A waya yana toshe kafar caji, abin da ke da nauyi ga wanda ke jiran wutar lantarki ko yake wasa da fawabank, kuma sai wayar tana karɓar sauti ta USB-C, wani lokaci sai an kunna OTG a saiti. A kwamfuta kuwa, kafofin USB 3.0 da igiyoyinsu suna fitar da hayaniyar rediyo a daidai zangon gigahaz 2.4, lamarin da Intel ya yi bayaninsa a wata takarda a 2012. Idan sauti yana tsinkewa, a cire dongul daga kusa da hadis ɗin waje, a mayar da shi kafar USB 2.0 ko a ɗora shi a 'yar igiyar ƙari a kan tebur, a kuma koma Wi-Fi na gigahaz 5 idan rauta tana da shi.

Wasu hedfon, irin su Arctis Nova 7, suna buɗe hanyoyin biyu a lokaci ɗaya, gem ta dongul, kiran WhatsApp ko Discord na waya ta Bluetooth. Wannan wata hanya ce ta raba sautukan biyu, tunda kowanne da nasa ma'auni, kuma ƙuntatar HFP ba ta taɓa gem ɗin. Sai dai a karanta kwali da kyau, domin akwai masu hanyoyi biyu da ke sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya kawai. Bluetooth ɗin kansa yana sauyawa: tsarin LE Audio mai kodek na LC3, wanda aka kammala ƙa'idojinsa a 2022, yana rage jinkiri ya kuma inganta sauti yayin da makirufo ke kunne, amma sai waya da hedfon duk suna da shi.

Mai zuwa sayayya a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwar waya zai iya gama bincikensa kafin ya miƙa kuɗi. Ya je da wayar da zai riƙa wasa da ita, ya buɗe gem a maimakon bidiyo, ya yi harbi ɗaya-ɗaya ya saurari tazara, sannan ya kunna makirufo ya ji ko dama da hagu suna nan a rabe. Ya tabbatar dongul ɗin na kai sauti ne ta rediyonsa, domin akwai 'yan adafta na Bluetooth masu kama da shi waɗanda jinkirinsu bai bambanta da na wayar ba. Idan kuɗin bai kai ba kuma wayar tana da kafar iyafis ta milimita 3.5, kamar yawancin wayoyin Tecno da Infinix masu sauƙin kuɗi, hedfon mai igiya yana ba da sitiriyo da makirufo a lokaci ɗaya, babu jinkirin rediyo, babu kuma batirin da zai mutu a tsakiyar wasa.